Ina zan rataye firam uku da madubi a wannan bangon falon?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ga hoton bangon falona na saka. Kujerar mutum uku ce a jingine da shi, ƙofar shiga ɗakin ciki tana dama, taga tana bangon hagu. Abin da nake da shi: firam babba na Ayatul Kursiyyu, faɗinsa santimita 90, tsayinsa 60, hotunan iyali biyu, kowanne faɗi 30, tsayi 40, sai madubi mai firam na katako, faɗi 60, tsayi 90. Don Allah masu ido a kan wannan harka, wanne zai hau ina? Ba na son a huhhuda bangon a banza, sabon fenti ne.

Abba Sharaɗa: Wa alaikumus salam. Hajiya, abin mai sauƙi ne. Ki auna bangon, ki raba biyu, ki sa babban a tsakiya daidai idon mutum a tsaye. Ƙananan biyun dama da hagu. Madubi ya hau samansu, shi ke nan.

Malam Sabi'u Mai Firam: Wa alaikumus salam. Abba, dakata tukuna, domin hoton nan ba zai aunu ba yadda yake. Hajiya, dubi firam ɗin ƙofar a hoton: ƙasansa ya buɗe, samansa ya karkato ciki. Hakan yana nuna an ɗaga kan wayar sama lokacin ɗauka. Kuma kujerar ta yi tsawo daga gefen hagu fiye da yadda kujera take, alamar an ɗauka da 0.5x, shi kuwa yana miƙar da duk abin da ke gefe.

Ki sake ɗauka haka. Ki tsaya daidai tsakiyar bangon, ki ja baya iya yadda ɗakin ya ba ki dama. Ki mayar da kyamarar 1x. Ki riƙe wayar a kwance daidai ƙirjinki, a miƙe, ba ta kallon sama ba ta kallon ƙasa. Ki kunna layukan nan da ake cewa Grid a saitin kyamara, ki tabbatar firam ɗin ƙofa ya bi layin tsaye, layin da bango ya haɗu da ƙasa ya bi layin kwance. Kafin ki ɗauka, ki manna farar takarda A4 a jikin bangon. Faɗinta 21 ne, tsayinta 29.7, da ita za mu gane girman komai a hoton.

Duk da haka hoto don gani ne. Lambobin da za a huda bango da su, tef ne zai ba da su. Ki auno mana faɗin bangon, tsayinsa zuwa silin, inda kujerar ta fara da inda ta ƙare daga kwanar hagu, tsayin bayanta, da inda ƙofa da makunnin wuta suke.

Ummi Rano: Ni a ganina ki manna wa bangon takardar ado mai furanni kawai, hoton zai fi fitowa da kyau idan kin saka a shafinki.

Maman Hanif: Anti Ummi, ba kyan hoton nake nema ba, ɗakin nake son ya zauna daidai. Malam Sabi'u, ga sabon hoton, ga kuma awon, duk daga kwanar hagu: bango 420, silin 300. Kujera ta fara daga 40 ta ƙare a 250, bayanta 85 daga ƙasa. Makunni yana 295, tsayinsa 135. Ƙofa daga 315 zuwa 405, tsayinta 210.

Malam Sabi'u Mai Firam: Madalla, yanzu magana ta fito. Tsakiyar bangon 210 ce, amma tsakiyar kujerar 145. Tsakaninsu santimita 65, ba ƙaramin bambanci ba ne. Idan aka bi shawarar Abba aka sa babban firam a 210, zai kama daga 165 zuwa 255, wato gefensa na dama ya wuce hannun kujerar, rabin kujerar na hagu kuma ya zauna ba komai a kansa. Duk wanda ya shigo zai ji wani abu bai yi ba, ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Dalilin shi ne ido ba ya lissafa bango daga kwana zuwa kwana idan akwai ƙofa a jiki. Ƙofar ta riga ta cinye nata yankin. Abin da ido yake haɗawa shi ne firam da kayan da ke ƙarƙashinsa. Saboda haka tsakiyar da za mu bi ita ce 145. Nauyin da ya taru a hagu kuma ƙofar ce za ta rama shi a dama, musamman da yake baƙar ƙofa ce mai tsayi.

Abba Sharaɗa: Na yarda da batun ƙofar. Amma tsayin fa? Ai ƙa'ida ce sananniya, tsakiyar hoto a kan 145 zuwa 150 daga ƙasa.

Hajiya Binta Kurna: Abba, ƙa'idar gaskiya ce, amma ta bangon da babu komai a ƙarƙashinsa ce, kamar a baranda ko hanyar wucewa, inda a tsaye ake kallo. Mu gwada ta a nan. Firam mai tsayi 60, tsakiyarsa a 150, gindinsa zai zauna a 120. Bayan kujera 85 ne. Tazarar ta zama 35, firam ɗin ya rabu da kujerar, ya zama shi kaɗai yana shawagi. Abin da ake so tsakanin bayan kujera da gindin firam shi ne 15 zuwa 25. A falo a zaune ake yini, wani lokaci ma a kan darduma, don haka abin da ya yi sama yana sa wuya ya gaji.

Ni zan ɗauki 25 saboda silin ɗin yana da tsayi. Gindi a 110, tsakiya a 140, kai a 170. Sai a janyo kujerar ta bar jikin bango kamar santimita 10. Dogon mutum idan ya zauna, kansa yana kaiwa 130 ko ya wuce, balle da hula. In kujerar ta manne da bango, ƙeyarsa ce za ta riƙa taɓa gilashin.

Abba Sharaɗa: To sama da 170 har 300 ya zauna fayau ke nan? Mita ɗaya da santimita 30 ba komai. Shi ya sa na ce madubi ya hau can.

Hajiya Binta Kurna: Madubi a can me zai nuna? Fanka tana juyawa da ƙwan fitila. Babu wanda zai ga fuskarsa, kuma da dare motsin fankar a cikin madubi yana damun ido. Filin da ke sama ba laifi ba ne. Idan ya dame ta, maganinsa labulen taga ya tashi daga kusa da silin ya sauko har ƙasa, shi zai ja ido sama ya haɗa bangon biyu. Ba a ɗaga hotuna don a cike silin.

Malam Sabi'u Mai Firam: Haka ne Hajiya. Sai faɗi. Abin da ke kan kujera ya kamata ya ci kamar kashi biyu cikin uku na faɗinta, har zuwa uku cikin huɗu. Ga kujera 210, daga 140 ke nan zuwa wajen 158. Babban shi kaɗai 90 ne, bai kai rabin kujerar ba, zai yi ƙaranci. Idan aka sa ƙananan dama da hagu da tazarar 6 tsakani, 30 da 6 da 90 da 6 da 30, ya ba da 162. Ya ɗan haura, amma har yanzu akwai rarar 24 ta kowane gefe kafin ƙarshen kujera, don haka ya yi.

Tazarar nan ta 6 a kiyaye ta. Idan ta kai 15 ko 20, ido zai daina ganin ukun a matsayin abu ɗaya, su zama abubuwa uku warwatse. Kuma a jera su ta tsakiya, ba ta kai ba. Dukkansu tsakiyarsu a 140. Ƙananan za su kama daga 120 zuwa 160, babban daga 110 zuwa 170. Daga kwanar hagu: na farko 64 zuwa 94, babban 100 zuwa 190, na uku 196 zuwa 226.

Malam Lawan Gwale: Ina da magana a nan, ba ta awo ba. Hajiya, ayar Alƙur'ani ce a tsakiya, a jera ta kafaɗa da kafaɗa da hotunan mutane, ni raina bai kwanta ba. Kuma tana saitin ƙeyar masu zama. Da ni ne, ayar za ta hau sama ita kaɗai, hotunan su koma ɗakin ciki.

Hajiya Binta Kurna: Malam, wannan magana ce da gidaje da yawa suke bi, kuma ita da mai gidanta ne za su yanke. Ta fuskar tsari dai, in an zaɓi hakan sai lissafin ya canja. Ayar ita kaɗai a kan kujera 210 za ta yi ƙaranci kamar yadda Malam Sabi'u ya ce. Hanya biyu ce. Ko a kai ta wajen mai firam ya sake mata babban gida da faffaɗan kwali fari a kewaye, ta kai kamar 130 zuwa 140 a faɗi. Ko a bar tsarin ukun yadda yake, a cire hotunan iyalin daga ƙananan firam ɗin a sa rubutu, misali sunan Allah da na Manzonsa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Batun ƙeya kuwa, ana iya ɗaga duka da santimita 10, gindi ya koma 120. Zai ɗan rabu da kujerar, amma in aka jera manyan filalla a kanta suna leƙo saman bayanta, za su rufe giɓin.

Malam Lawan Gwale: Na biyun ya fi min. Amma 10 ɗin ta yi kaɗan a ganina, da dai saman ƙofa aka kai ta.

Malam Sabi'u Mai Firam: Saman wannan ƙofar akwai 90 zuwa silin, firam ɗin 60, faɗinsa kuma daidai da na ƙofar. Zai shiga, sai dai ƙananan rubutun ba za su karantu daga zaune ba, kuma ƙofa da aya duk sun taru a dama, hagu ya zama ba komai. Sai an nemo wani babban abu na kan kujerar. Mu bar wa Hajiya wannan.

Maman Hanif: Na gode Malam Lawan, zan yi magana da baban Hanif. To madubin fa? Na yi tunanin tsakanin kujera da ƙofa.

Injiniya Nura: Can kam a'a. Filin 65 ne, daga 250 zuwa 315, madubin 60, ga makunni a 295 wanda madubin zai rufe. Abin da ya fi wannan, bututun wayar wuta yawanci yana tashi ne a miƙe daga makunni ko soket zuwa sama, a cikin bango. Kada a huda komai a kan layin da ke saman makunnin ko ƙasansa, a ba shi rata kamar 15 ta kowane gefe. Wasu masu aikin wuta suna yanke hanya su bi ta karkace, don haka a kashe wutar ɗakin daga akwati kafin a fara hudar, ko'ina ne. Idan aka ji bakin injin ya faɗa wani abu mai laushi, ko aka ga garin roba yana fitowa maimakon ƙurar siminti, a tsaya nan take.

Hajiya Binta Kurna: Madubi ba a zaɓa masa wuri da kallon bangon da zai hau, sai da kallon abin da ke fuskantarsa. Maman Hanif, ki je duk inda kike tunanin sa shi, ki jingina bayanki da bango, ki ɗauki hoton abin da ke gabanki. Kusan abin da madubin zai riƙa nuna wa mutane ke nan. Mene ne a bangon da ke kallon kujerar? Kuma tagar wace kusurwa take?

Maman Hanif: Talabijin ce da wayoyinta. Tagar tana yamma, da la'asar rana tana shigowa sosai. Bangon dama gabas ne, nan baban Hanif yake fuskanta in zai yi nafila.

Hajiya Binta Kurna: To kin ga. A bangon kujera zai ninka talabijin da wayoyi. A bangon gabas zai ƙara wa ɗakin haske da safe, wannan gaskiya ne, amma da la'asar ranar yamma za ta daki madubin ta dawo idon mutane, ga shi a gaban mai salla, ga ƙofar idan cikin falon take buɗewa za ta iya dukansa. Ni zan sa shi a bangon tagar, a gefenta. Mai duba fuska zai fuskanci taga, haske ya sauka a fuskarsa, wanda shi ne ake so. Rana ba za ta taɓa shi ba, mai salla kuma ya ba shi baya. Akwai fili a can?

Maman Hanif: Daga kwanar zuwa tagar 110 ne, amma labule yana cin kamar 20 idan an yaye shi.

Malam Sabi'u Mai Firam: Saura 90 ke nan, madubi 60, rarar 15 dama da hagu. Ya shiga. Damuwata ɗaya: zai zo kusa da ƙaramin firam na hagu, wanda ya fara daga 64. Kwanar nan za ta cika, alhali daga 226 zuwa ƙofa babu komai. Da akwai fili ta ɗaya gefen tagar, can ya fi.

Hajiya Binta Kurna: Ban ga cikar ba, Malam. Bango daban ne, kuma daga bakin ƙofar falo gefen madubin kawai za a gani. Filin daman kuma doguwar shuka a tukunya ko fitila mai tsayawa a ƙasa za ta riƙe shi, ba sai an huda komai kusa da makunni ba.

Malam Sabi'u Mai Firam: Takarda za ta raba mana gardama. Hajiya, kafin kusa ko ɗaya ta shiga, ki yanka tsohuwar jarida ko kwali daidai girman kowane firam da madubin. Ki manna su a wuraren da muka faɗa da salatif na takarda, irin na masu fenti, kada ki yi amfani da na roba, yana ɗebo fenti. Ki bar su kwana biyu. Ki duba daga bakin ƙofa, ki duba daga zaune, ki duba da rana da kuma dare bayan an kunna fitila. Ki ɗauki hoto daga wurin da kika ɗauki na biyun, ki turo. A hoton ki kula da abu ɗaya: gaban kujerar ya fi bango kusa da kyamara da kusan 90, don haka za ta fito da girma, takardun su yi kamar sun yi ƙaranci. Ki gwada su da layin bayan kujerar, ba da gabanta ba.

Ɗan Maraɗi: Ku gafarce ni in shigo da nawa. Namu ginin ƙasa ne da shafen siminti. Madubi irin wannan, kusa za ta riƙe shi?

Injiniya Nura: Bari in fara da nauyin, domin ya shafi ku duka. Gilashi yana da kilo 2.5 a kowace murabba'in mita ga kowane milimita na kauri. Madubi 60 da 90 murabba'in mita 0.54 ne. In kaurinsa milimita 5 ne, gilashin kaɗai kilo 6.75, da firam da katakon baya ya tasam ma 9 ko 10.

A ginin ƙasa kusa ba za ta riƙe wannan ba. Shafen siriri ne, ƙasar da ke bayansa kuma tana marmashewa, kusar ta riƙa sunkuyawa har ta zare. Ko a fafe rami mai zurfin 10 zuwa 12 a dasa guntun katako mai ƙarfi da siminti, a bar shi ya bushe sosai kafin a ɗaura sukuru a jikinsa, ko a ɗora madubin a kan tebur ya jingina da bango, a ɗaure kansa don kada ya kife. Teburin ne ke ɗaukar nauyin, ɗaurin tsaro ne kawai.

Na Maman Hanif bulo ne. Ƙananan firam ɗin kusar kankare za ta iya, a sa salatif a wurin kafin a buga don rage ɓarewar shafe. Babban da madubin kuwa injin huda bango ake so. Na babban, baki mai milimita 6 da fisha mai 6, wato robar da ake cusawa a ramin don ta riƙe sukuru. Na madubin, 8 da 8, sukuru biyu, ba ɗaya ba. A manna salatif a jikin bakin injin daidai tsawon fishar da ɗan ƙari, don a san inda za a tsaya. A fara a hankali har a wuce shafe. Bulo yana da rami a ciki, in aka ji bakin ya zurma farat ɗaya, an shiga ramin ne, kuma fatar bulon ce kaɗai za ta riƙe fishar. Idan fisha tana juyawa tare da sukuru, ramin ya buɗe ko bulon mai yashi ne. Kada a cusa tsinke ko ashana a rataya madubi a kai. A matsa gefe, ko a ƙara girman fishar.

Malam Sabi'u Mai Firam: Sai inda mutane suka fi faɗuwa: suna huda a inda suke son kan firam ya tsaya, sai firam ɗin ya haura. Ki juya firam ɗin, ki ja wayar bayansa sama da yatsa har ta miƙe kamar tana rataye, ki auna daga nan zuwa kan firam. A ce kin samu 8. Kai 170 ne, a cire 8, rami a 162. Babban ya fi son ƙugiya biyu, tsakaninsu kamar 30, wato a 130 da 160 daga kwana, don kada ya riƙa karkacewa duk lokacin da aka rufe ƙofa da ƙarfi. In biyu za a sa, da yatsu biyu za ki ja wayar, a ware su 30, domin awon zai bambanta da na yatsa ɗaya. Ƙananan in ƙarfen ratayarsu yana 3 ƙasa da kai, 160 a cire 3, kusa a 157, a 79 da 211 daga kwana. Ki auna kowanne daban, ko da iri ɗaya ne, ba kullum ake kafa ƙarfen daidai ba.

Kada a auna kowane rami daga ƙasa, daɓe yakan karkata. A sa alama ɗaya a 140, a ja layin fensir mara nauyi da lebur na magina, sauran awon duk ya tashi daga layin.

Madubin kada a rataye shi da waya. A kafa zobe biyu na ƙarfe a jikin firam, kowanne ya hau sukurunsa. Tsakiyarsa a 150, ya kama daga 105 zuwa 195, gajere da dogo duk za su ga fuska har da ɗaurin ɗankwali. A manna 'yan guntayen roba a kusurwoyin ƙasa ta baya. Bangon taga na waje ne, da damina yana iya yin laima, laimar kuwa ita ke cin bayan madubi har baƙin tabo ya fito ta gefe. Ratar nan tana barin iska ta wuce.

Abba Sharaɗa: Madubin a 150, firam a 140. Ba za a ga sun saɓa ba a kwanar?

Hajiya Binta Kurna: Tambaya mai kyau. Da a bango ɗaya suke, da na ce a daidaita. Tunda suna kusa da juna, za a iya sauko da madubin 145, sai kansa ya zama 190. In baban Hanif dogo ne sosai, a bar shi a 150. In kuma an ɗaga firam ɗin da 10 saboda maganar Malam Lawan, duk sun haɗu a 150 ba tare da an taɓa madubin ba.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri. Na yanka jaridun, na manna na madubin a gefen kwanar da kuma ɗaya gefen tagar, can filin 75 ne kawai bayan labule. Jibi in sha Allah zan turo hoton rana da na dare.

Malam Sabi'u Mai Firam: Amin. 75 ya bar 7 da rabi ta kowane gefe, ya matse amma a gani. Ki yaye labulen gaba ɗaya kafin ki ɗauka, kuma ki buɗe ƙofar ɗakin a ɗaya daga cikin hotunan mu ga inda take kaiwa.